Karin maganar Hajiya ta sa matata ta daina kawo mini littafinta

Assalamu alaikum Malama. Matata Bayarabiya ce 'yar Ilori, shekararmu ɗaya da rabi da aure a nan Zariya. Ta dage da koyon Hausa, har tana da wani littafi da nake rubuta mata duk abin da ba ta gane ba, ta riƙa karantawa. Ana saura kwana biyu bikin ƙanwata ta kai ɗinkin anko wajen tela, sai Hajiyarmu ta ce mata, "Ai ba a fafe gora ranar tafiya." Da ta tambaye ni, na rubuta mata cewa ma'anarsa da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Ba ta gane ba, ta je ta tambayi wata maƙwabciyarmu, ita kuma ta ce mata wai Hajiya tana nufin ita malalaciya ce. Yanzu ta ce ashe ɓoye mata zagi nake yi, ta daina kawo mini littafin. Ni kuwa na san maganar a raina, faɗarta a sarari ce ta gagare ni. Yaya zan yi?

Wani magidanci daga Zariya

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya ƙara danƙon ƙauna tsakaninku, ya saka wa wannan baiwar Allah da alheri, don wanda ya ɗauki littafi yana koyon harshenka ya girmama ka, ya girmama iyayenka.

Kada ka ga laifin kanka da yawa a kan abin da ya gagare ka. Babu ɗayanmu da aka zaunar aka fassara masa karin magana. A bakin murhu muka ji ta, a zaure, a wajen sulhu, sau goma, sau ashirin, har ma'anar ta zauna mana ba tare da mun taɓa furta ta ba. Shi ya sa idan aka ce wa Bahaushe "me wannan ke nufi?" abin da ke fara zuwa bakinsa shi ne wata karin maganar. Na yi shekaru ina koyar da Hausa ga baƙi, matan aure da masu yi wa ƙasa hidima da aka turo Arewa, kuma ni ma da haka na fara. Sai da na ga idanun ɗalibai sun yi zuru a kaina sannan na gane cewa na kwance musu ƙulli ɗaya ne na ɗaura wani.

Ka lura kuma, ba daidai suke ba, ta Hajiya da wadda ka ba matarka. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe magana ce a kan dama: abu ya zo hannunka yanzu, yi shi kafin ya huce. Ba a fafe gora ranar tafiya kuwa magana ce a kan shiri: aikin da ke cin kwanaki ba a barinsa sai ranar buƙata. Ko da ta gane maƙerin da ƙarfensa, da wata ma'ana daban ta tafi. Ita kuma maƙwabciya ta tsallake maganar gaba ɗaya, ta miƙa mata hukunci. A cikin kalmomin nan na Hajiya babu lalaci ko ɗaya. Aiki aka yi magana a kai, ita kuwa ta mai da shi hali, kuma wannan shi ne kuskuren da ya fi ɓata zumunci idan ana fassara wa baƙo.

To bari mu ɗauki maganar mu warware ta kamar yadda za ka rubuta mata.

Fara da gora. Kusan na tabbata gorar da matarka ta sani ita ce ta roba, wadda ake sayar da ruwa ko zoɓo a ciki, don yau ita muke kira gora a kasuwa. Wasu ɗalibaina ma goro suke ji. Idan hoton da ke kanta robar ruwa ce, babu yadda za a yi maganar ta yi ma'ana, domin roba ba ta buƙatar wani shiri, sai dai a cika ta a kama hanya. Dole ka gaya mata cewa gorar karin maganar ɗan duma ce, dangin ƙwarya da ludayi, mai ciki da siririn wuya, wadda matafiyi yake rataya ruwansa a ciki lokacin da ake tafiya a ƙasa ko a kan jaki.

Sai fafe, kuma nan ne zuciyar maganar. Mafi yawan yaranmu na birni ma ba su taɓa ganin ana yi ba. Idan duma ya ƙosa ya bushe, ana yanke bakinsa, a kwashe 'ya'yan da totuwar da ke ciki. Ƙwarya da sauƙi, tunda raba ta biyu ake yi a kankare. Gora kuwa bakinta ƙarami ne, hannu ba ya shiga, sai a zuba ruwa a bar shi ya kwana biyu har abin da ke ciki ya yi laushi, a zuba tsakuwa a girgiza, a zubar, a sake zuba wani ruwan. Ana ta sauya ruwan ne saboda duma yana da ɗaci, kuma ɗacin ba ya fita rana ɗaya. Wanda ya tashi da asubar ranar tafiya ya ce yanzu zai fafe gorarsa, ko dai ayari ya tafi ya bar shi, ko ya sha ruwa mai ɗaci a hanya. Da zarar ta ga wannan hoton, rabin aikinka ya ƙare. Sau da yawa ɗalibi da kansa yake ƙarasa sauran, ka ji ya ce, "Au, wato an makara ke nan."

Akwai ƙaramin abu na nahawu da ya kamata ka taɓa, shi ne "ba a". Mai koyo ya saba da ba na, ba ka, ba ta, inda ya san wanda ake nufi. "Ba a" ba ta nuna kowa, tana faɗin abin da mutane ba sa yi a al'ada, irin ba a cin abinci da hagu, ba a shiga gida ba sallama. Wannan yana da amfani ga matsalarku kai tsaye. Hajiya ba ta ce "kin yi kaza" ba, ta ɗauko maganar da ta hau kan kowa ta ajiye a gabanta. A wajenmu wannan sassauci ne, hanya ce ta gyara wa mutum ba tare da an nuna shi da yatsa ba. Ka gaya mata haka, domin a kunnen wanda bai sani ba, magana a lulluɓe ta fi kama da mugun nufi.

Bayan hoton sai ma'anar a sarari, kuma ina so ka rubuta ta sau biyu. Ta farko ita ce wadda za ta yi aiki a ko'ina: "Aikin da yake ɗaukar kwanaki, a fara shi da wuri. Idan aka bari sai ranar da ake buƙatarsa, ba zai gama ba." Ta biyu ita ce ta ranar da aka faɗa, da mutanen da ke ciki da abin da ya faru: "Hajiya tana cewa, ya kamata ki kai ɗinkin nan tun makonnin baya. Yanzu saura kwana biyu, wataƙila tela ba zai gama kafin biki ba." Wannan ta biyun ita ce mutane suke gudu, don tana ambaton mai laifi. Amma ita ce ainihin abin da matarka ta tambaya. Ba nazarin adabi ya kai ta wajenka ba, so take ta san abin da surukarta ta ce mata.

Wajen rubuta waɗannan jimloli ka sa wa alƙalaminka ido, domin Hausar da muke ɗauka a sarari take cike take da maganganun da ba a sarari suke ba. Za ka ji hannunka yana son rubuta "Hajiya ta ja miki kunne ne", ko "kada ki yi sanyin jiki", ko "kin yi sake". Duk ukun sabon aiki ne a gare ta. Kunne ba a ja ba, jiki bai yi sanyi ba. Waɗanda suka fi yawan shigowa ba a gayyace su ba su ne ci da sha: cin fuska, cin amana, cin mutunci, shan wahala, shan alwashi. Ba na mantawa da wata ɗalibata da aka ce mata kishiyar maƙwabciyarta tun safe take shan kunu. Da zuciya ɗaya ta tambaye ni ko matar ba ta da lafiya ne, tunda ta kasa cin tuwo. Da na ce mata ana nufin ta ɗaure fuska, sai ta sake tambaya da me ta ɗaure ta. Sai da na ce "ba ta murmushi, fuskarta tana nuna fushi" sannan muka rabu lafiya. Tun ranar na riƙe wata 'yar dabara: in na rubuta jimla, sai in tambayi kaina, da za a zana abin da kalmomin nan suka faɗa, zanen zai yi daidai da abin da nake nufi? In amsar a'a ce, ban sauko ƙasa ba tukuna.

Kada kuma gudun karin magana ya jefa ka cikin manyan kalmomi. "Muhimmancin tanadi gabanin aukuwar buƙata" Hausa ce, amma ta fi gorar wuya. Yi amfani da kalmomin da kake ji a bakinta kullum: aiki, lokaci, da wuri, gama, fara. Jimla gajera, mai yin aikin mutum ɗaya, aikin ma ɗaya.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe, don shi ne ya kawo rigimar. Karin magana ba ma'ana kaɗai take ɗauke da ita ba, tana da zafi, kuma zafin ba a cikin kalmomin yake ba. Wannan ba a fafe gora ɗin, uwa tana iya faɗa wa 'yarta tana dariya, malami yana iya faɗa wa ɗalibi daren jarrabawa cikin tausayi, kishiya kuma tana iya jefa ta a tsakar gida a matsayin habaici. Kai da ka tashi a gaban Hajiya, daga muryarta ka san wanne ne. Matarka ba ta da wannan kunnen tukuna, kuma idan ba a gaya mata ba, mafi munin za ta zaɓa, kamar yadda kowane baƙo yake yi. Saboda haka kowace fassara ka ƙara mata layi ɗaya a ƙasa: wannan gyara ne, wannan lallashi ne, wannan wasa ne, wannan faɗa ne. A kan ta anko za ka iya rubuta, "Gyara ne, irin wanda take yi mana mu 'ya'yanta. Ba ta ji daɗin jinkirin ba, amma ba zagi ba ne." In kana tuna ranar da ta faɗa maka ita, ka rubuta wannan ma. Sanin cewa kai ma an jefe ka da gorar nan zai sanyaya mata rai fiye da duk wani bayani.

Sai dai wannan layin ba zai yi amfani ba sai in gaskiya ne kowane lokaci. Ranar da Hajiya ko wata 'yar'uwa ta faɗi mai zafi, ka rubuta cewa mai zafi ce. Na san zuciyarka za ta so ka rufa, don kana tsakanin uwa da mata. Amma Hausarta ƙaruwa take yi, kuma abin da ka lulluɓe bana, baɗi da kanta za ta buɗe shi, ta koma baya tana zargin duk abin da ka taɓa rubuta mata. Kana iya faɗin gaskiya daidai gwargwadonta, ba ƙari ba ragi: "Wannan faɗa ne, ranta ya ɓaci a kan abu kaza." Abin da ba za ka yi ba shi ne irin na maƙwabciya, wato ɗaukar ɓacin ran rana ɗaya a mai da shi sunan mutum.

Akwai wasu wurare biyu da za ta yi tuntuɓe nan gaba, gara ka san su. Manya ba su cika ƙarasa karin magana ba. Hajiya za ta ce "To, gani ga wane," ta yi shiru, ko "In kunne ya ji." Mu mun san sauran, ya ishi wane tsoron Allah, gangar jiki ta tsira. Ita kuwa za ta ɗauka jimlar ce ta katse, ko ita ce ba ta ji da kyau ba. Kafin ka fassara, rubuta cikakkiyar, ka ja layi a ƙarƙashin ɓangaren da aka faɗa, don ta gane shi in ta sake ji. Na biyu, "ka" ɗin karin magana ba ya sauyawa don ana magana da mace. Za a ce mata in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta shafa wa naka ruwa, alhali ba ta da gemu. Wata ɗalibata ta yi kwanaki tana zaton saƙo ne aka ba ta ta kai wa mijinta. A sarari abin da ake cewa shi ne, masifar da ka ga ta sami wani tana iya samunka, ɗauki mataki tun yanzu, kuma da duk wanda aka kalla ake.

Idan wata kalma ta tsohuwar Hausa ta shige maka duhu, kada ka yi kame-kame. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, wanda ya fito a 2006, yana bayanin kalma da Hausa, kuma tsohon ƙamusun Bargery na 1934 ya adana kalmomin noma da sana'a da yawa da suka fara ɓacewa a birni. Amma a kan irin su fafe, wadda ta fi kowane littafi tana cikin gidanku.

Yadda za ka san ko ta gane kuwa, kada ka tsaya ga "kin gane?", don mai kunya "e" zai ce. Kawo mata labari biyu ta zaɓa. Wani bai buɗe littafi ba sai daren jarrabawa. Wani kuma ya ga ana sayar da buhun masara da araha, ya tsaya shawara har aka saye. Wanne za a ce wa ba a fafe gora ranar tafiya? In ta zaɓi na farko, ta riƙe. In ta ce duka biyun, to tana ɗaukar maganar a matsayin kowane irin jinkiri, sai ka koma kan kwanakin da gora take yi a jiƙe, ka nuna mata cewa na biyun dama ce ta kuɓuce masa, ba shiri ya rasa ba. A nan ne ƙarfen naka zai sami wurinsa, a shafi na dabam. Bayan wannan ne kuma za ka tambaye ta ko suna da irinta a Yarbanci. Yarbawa mutanen karin magana ne, su ne ma suke kiranta dokin zance, don haka ba baƙon abu kake koya mata ba. Amma bari ita ta kawo tata bayan ta gane, ka sa ta warware maka ita a sarari yadda ka yi mata. A nan za ku ga inda suka haɗu da inda suka rabu, kuma za ta ɗanɗana irin wuyar da ka sha, ta san ba ɓoye-ɓoye ya hana ka magana ba.

Ka kuma rubuta mata wa ke faɗa wa wa. Mai koyo in ya kama karin magana, ɗoki yake ya gwada ta. Wannan ta gora daga sama take saukowa, ko tsakanin tsara. Ranar da Hajiya ta makara da shirin tafiya, matarka ta juyo ta ce mata ba a fafe gora ranar tafiya, Hausar ta yi daidai, amma gidan zai ɗauka rashin kunya ne, ita kuwa ba ta san ta yi ba. Layi ɗaya ya isa: "Babba ke faɗa wa ƙarami. Kina iya faɗa mini, ko ƙannena, ban da Hajiya."

Tunda ta daina kawo littafin, kada ka jira ta kawo. Ɗauko shi da kanka, ka soke abin da ka rubuta da farko a gabanta, ka ce mata, "Wancan kuskurena ne, ban iya bayani ba, ga shi na sake." Ka rubuta sabon a ƙasa, ka bar ta ta karanta ba ka tsaye a kanta. In ka shiga kasuwa, ka leƙa wajen masu ƙwarya ka sayo gorar duma guda, in da hali wadda ba a fafe ba. Ku je gaida Hajiya da ita, ka ce, "Hajiya, 'yarki ce take son ta ga yadda ake fafe gora." Ka tashi ka ba su wuri.